À ko de? Yadda ake zaɓe kafin aikatau na biyu a Faransanci

Bahaushe yakan ce "ya fara cin tuwo", "ya gama cin tuwo", "yana son cin tuwo", kuma a duk ukun ba ya tsayawa neman wata kalma da zai dasa tsakanin aikatau na farko da abin da ya biyo shi. Bafaranshe kuwa hanya uku yake bi: *il commence à manger*, *il finit de manger*, *il veut manger*. Na farko ya ɗauki *à*, na biyu ya ɗauki *de*, na uku bai ɗauki komai ba. Aikatau na biyu, wato *manger*, yana nan a siffarsa ta ƙamus wadda malamai ke kira *infinitif*, kuma ba shi da ta cewa a cikin zaɓen. Aikatau na farko shi ne mai yanke hukunci. Wannan ya sa ɗalibin da ke jin Faransanci sarai, yake ciniki da shi a kasuwar Maradi ko ta Damagaram, yakan tsaya cak idan aka ajiye masa takardar cike gurbi.

Hanya uku ce ake bi wajen haddace waɗannan aikatau, kuma ba ɗaya suke ba wajen amfani. Ta farko ita ce jerin da ke bayan littattafan nahawu, wanda aka tsara bisa haruffa: *accepter de, accuser de, achever de*, har ƙasa. Jerin yana da kyau wajen dubawa idan ana rubutu, amma a matsayin abin hadda ba ya zama a ka, domin babu abin da ya haɗa *accepter* da *accuser* sai harafin farko. Ta biyu ita ce rarraba su bisa ma'ana, a ce *à* na abin da ake dosa ne, *de* na abin da aka baro. Tana da tushe, tana kuma aiki a wurare da yawa, sai dai tana da ramuka, kuma aikatau da aka fi amfani da su kullum suna cikin ramukan. Ta uku ita ce duba ginin jimla: shin akwai wani mutum da ake sa wa aiki ko ake hana shi, kuma yaya aikatau ya riƙe mutumin? Wannan ta fi sauran tabbas, amma ba ta shafi kowace jimla ba. Abin da ya fi shi ne a jera su: a fara da gini, a bi da ma'ana, a bar hadda zalla ga 'yan tsirarun da suka ƙi shiga ko'ina.

Fara da ware waɗanda ba sa son komai

Kafin a yi gardama tsakanin *à* da *de*, sai an tabbata gurbin yana buƙatar wani abu. Akwai aikatau da ke manne wa na biyu kai tsaye, kuma su ne aka fi furtawa a yini: *vouloir, pouvoir, devoir, savoir, falloir*. Na so da ƙi suna tare da su: *aimer, préférer, détester, désirer, espérer, oser*. Haka na motsi idan an faɗi abin da aka je yi, *je vais acheter du pain*, *il vient manger*, da na gani da ji, *je l'entends chanter*, sai *faire* da *laisser*. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne *j'espère de réussir* da *je préfère de rester*. Kunne ya saba da *de* har yana ganin jimla ba ta cika ba idan babu shi. Daidai shi ne *j'espère réussir*, *je préfère rester*.

Idan akwai mutum a tsakiya

Nan ne ya kamata mai koyo ya daɗe, domin nan ne ƙa'ida ta fi ƙarfi, nan ne kuma Hausa ke jan hannunsa zuwa kuskure ba tare da ya sani ba.

Dubi waɗannan jimloli biyu, masu ma'ana kusan ɗaya: *le maître permet à Sani de sortir* da *le maître autorise Sani à sortir*. Malam ya bar Sani ya fita. A ta farko *à* ya tsaya gaban Sani, sai *de* ya ɗauki aikin. A ta biyu babu komai gaban Sani, sai *à* ya koma gaban aikin. Ƙa'idar da za a riƙe ita ce: idan mutumin ya riga ya cinye *à*, aikin *de* zai samu. Aikatau goma sha biyu da za ka fi haɗuwa da su a wannan gini su ne *dire, demander, conseiller, suggérer, proposer, ordonner, rappeler, permettre, promettre, interdire, défendre, reprocher*. Kusan dukkansu da baki ake yin su: faɗa, roƙo, shawara, umarni, tuni, hani, zargi. Ka riƙe su a matsayin gida guda, ka kuma riƙe jimla ɗaya a matsayin ma'auni: *je dis à mon frère de venir*. Duk wanda ya shiga gurbin *dis* ya zauna daidai, ɗan gidan ne.

Waɗanda suka fi shahara wajen karya wannan ƙa'ida biyu ne, kuma aikinsu ɗaya, koyarwa: *apprendre* da *enseigner*. Su *à* biyu suke ɗauka: *elle apprend à sa fille à lire*, tana koya wa 'yarta karatu. Jimlar tana da nauyi a baki, amma daidai take. Wanda ya rubuta *elle apprend à sa fille de lire* ya bi ƙa'ida ne ta kai shi daji.

Sai kuma inda aikatau ya kama mutum kai tsaye, babu *à* a gabansa. A nan gida biyu ne. Na farko na masu tura mutum gaba ne, ko da lallashi ko da ƙarfi, kuma *à* suke ɗauka: *aider, inviter, encourager, pousser, obliger, forcer, autoriser, habituer*. Na biyu *de* suke ɗauka, kuma ya fi sauƙin riƙewa idan aka raba shi. Akwai masu waiwayen abin da ya riga ya faru, *remercier, féliciter, accuser*, kamar a *je te remercie d'être venu*. Akwai *empêcher*, mai tare hanya. Akwai kuma huɗu da suka fi ba da wahala, *prier, supplier, convaincre, persuader*, domin a ma'ana su ma tura mutum gaba suke yi, amma *de* suke so. Babu wata hujja mai gamsarwa da za a ba ka a kan dalilin da ya sa *encourager* ya tafi wancan gida *convaincre* ya zo wannan. Jimlar da ke rufe wasiƙun ofis, *je vous prie d'agréer*, ta isa ta riƙe maka *prier*, sauran ukun kuma ka ɗaure su a wutsiyarsa.

Me ya sa sanin yadda aka riƙe mutumin ya zama dole? Domin shi ne ke zaɓen wakilin suna. Mutumin da ke bayan *à* yakan koma *lui* ko *leur*, wanda aka kama kai tsaye kuma *le, la, les*. Saboda haka *je lui permets de sortir*, amma *je l'autorise à sortir*. Haka *je lui interdis de fumer*, amma *je l'empêche de fumer*.

A nan ne Hausa ke shigowa. Muna da namu bambancin tsakanin "na gan shi" da "na gaya masa", kuma kai yakan ɗauka "masa" ko da yaushe *lui* ne, "shi" kuma *le*. Wani lokaci hakan yakan dace: "na gaya masa", *je lui ai dit*, "na koya masa", *je lui ai appris*, "na hana shi", *je l'ai empêché*. Amma ga inda suke rabuwa. Muna cewa "na taimaka masa", "na gode masa", "na tilasta masa", sai ɗalibi ya rubuta *je lui aide*, *je lui remercie*, *je lui oblige*, alhali ukun duk kai tsaye ne: *je l'aide à porter le sac*, *je le remercie de m'avoir écrit*, *je l'oblige à payer*. Ta ɗaya ɓangaren kuma muna cewa "na roƙe shi ya zo", "na bar shi ya tafi", sai a samu *je le demande de venir* da *je le permets de partir*, alhali *lui* ake so a duka biyun. Waɗannan biyar ɗin, *aider, remercier, obliger, demander, permettre*, sun cancanci shafi nasu a littafin rubutunka, domin kuskurensu daga harshen uwa yake tasowa, kuma irin wannan ba ya fita da karatu ɗaya.

Wani ɗan abin lura game da *promettre*: gininsa irin na *dire* ne, amma mai aikin ya bambanta. A *je dis à Ali de venir* Ali ne zai zo. A *je promets à Ali de venir* ni ne zan zo.

Idan mutum ɗaya ne ke yin aikin duka biyu

Yanzu babu wani a tsakiya, sai a koma ga ma'ana. Asalin *à* kalmar Latin ce, *ad*, mai nufin "zuwa", shi kuma *de* yana nufin "daga". Har yau ana jin wannan a *je vais à Zinder* da *je viens de Zinder*. Ka ɗauki aikatau na biyu kamar gari: ko ana dosarsa, ko an baro shi.

Masu dosar gari su ne na farawa da shiri, *commencer à, se mettre à, se préparer à, s'apprêter à*. Na koyo da sabo, *apprendre à, s'habituer à, s'exercer à*. Na nema da cimma buri, *chercher à, réussir à, arriver à, parvenir à*. Da na nacewa, *tenir à, persister à, s'obstiner à*. Akwai kuma wani rukuni da ba dosa yake ba, zaune yake cikin aikin tsundum: *s'amuser à*, *passer son temps à*, *perdre son temps à*. Idan ka ce *il passe la nuit à réviser*, ya kwana yana bita ke nan, kuma "yana" ɗin nan na Hausa shi ne alamar da za ta tuna maka da *à*.

Masu baro gari su ne na gamawa da dainawa, *finir de, arrêter de, cesser de, achever de*. Na gudu da sakaci, *éviter de, refuser de, oublier de, négliger de*. Da na abin da ke damun zuciya, *regretter de, craindre de, s'excuser de, se plaindre de*. Akwai gwaji mai sauƙi da ke taimakawa a nan. Idan aikatau na biyu zai iya zama abin da ya riga ya wuce, wato ya zo da *avoir* ko *être* a gabansa, kusan ko da yaushe *de* ne: *je regrette d'avoir menti*, *il s'excuse d'être arrivé en retard*, *elle se souvient d'avoir fermé la porte*. Ba ka dosar abin da ya wuce.

To, ga ramukan. Ƙoƙari dosa ne, babu shakka, amma *essayer, tenter, tâcher, s'efforcer* duk *de* suke ɗauka, yayin da ɗan'uwansu *chercher* ya tsaya a kan *à*. Yanke shawara ma gaba take kallo, amma ana cewa *décider de, choisir de, accepter de, envisager de*. Haka *rêver de*, *mériter de*, *risquer de* da *se dépêcher de*. Ta ɗaya gefen, *renoncer* haƙura ne da abu, *hésiter* kuma jan ƙafa ne, duk da haka *à* suke so: *il renonce à partir*, *elle hésite à répondre*. Wanda ya dogara ga ma'ana kaɗai zai faɗi a duk waɗannan, kuma *essayer* da *décider* ba kalmomin da za a kauce musu ba ne.

Mafita ita ce a gane cewa gidajen biyu ba girmansu ɗaya ba. Gidan *de* ya fi faɗi, yana kwasar kowane irin baƙo, shi ya sa ma'anarsa ta dushe. Gidan *à* ya fi ƙanƙanta, ya kuma fi riƙe ma'anarsa. Saboda haka ƙarfin haddarka ka zuba shi a kan *à* da kuma kan waɗanda ba sa ɗaukar komai. Idan ka ci karo da aikatau da ba ya cikin waɗannan biyun, babu kuma ƙamus a kusa, ka sa *de*. Ba kullum za ka dace ba, amma za ka fi dacewa a kan wanda ya yi canki-canka.

Maganganun da aka gina da *avoir* da suna su ma *de* ne mafi yawansu: *avoir besoin de, avoir envie de, avoir peur de, avoir honte de, avoir raison de, avoir tort de, avoir l'intention de*. Uku ne za ka ware: *avoir du mal à, avoir tendance à, avoir intérêt à*. Na farkon yana yawan fitowa a bakin ɗalibai, *j'ai du mal à comprendre*, ina shan wuya wajen ganewa.

Aikatau ɗaya, fuska biyu

Wasu aikatau suna karɓar duka biyun, kuma dole a san ko zaɓen yana sauya ma'ana ko ba ya sauyawa. *Continuer* ba ya sauyawa: *il continue à parler* da *il continue de parler* duk daidai ne, kada ka ɓata lokaci a kansa. *Commencer de* ana samunsa a rubutun adabi, amma mai koyo ya tsaya a kan *commencer à*.

Akwai wani tsari mai kyau da ke kwashe aikatau da dama a lokaci guda: idan aka ƙara *se*, sai *de* ya koma *à*. Ana cewa *décider de* amma *se décider à*, *refuser de* amma *se refuser à*, *risquer de* amma *se risquer à*, *essayer de* amma *s'essayer à*, *attendre de* amma *s'attendre à*. Ma'anar ma takan ɗan karkata. *Il a décidé de vendre son champ* labari ne kawai, ya yanke shawarar sayar da gonarsa. *Il s'est décidé à vendre son champ* yana nuna an sha fama, ya yi ta jan ƙafa kafin ya amince. *Tu risques de tomber* gargaɗi ne, kana iya faɗuwa, ba da son ranka ba. *Il s'est risqué à traverser le fleuve* kuwa shi ya sai da rai ya tsallaka kogin. Sai dai kada a miƙe da wannan a ce duk mai *se* na *à* ne, domin *se dépêcher de*, *s'arrêter de* da *se souvenir de* suna nan. Tsarin na waɗannan tagwayen ne kawai.

*Obliger* da *forcer* suna da tasu dabarar. Idan wani ne ke tilasta wa wani, *à* ne: *la pluie nous oblige à rester*. Idan ana faɗin halin da mutum ya tsinci kansa, *de* ne: *nous sommes obligés de rester*. Ɗalibai sukan haddace ɗaya su shafa shi a ko'ina, sai ka ji *je suis obligé à partir*.

*Demander* ya fi su haɗari, domin kuskurensa yana juya wanda zai yi aikin. *L'élève demande à sortir* na nufin ɗalibin ne ke neman izinin fita da kansa. *L'élève demande à son ami de sortir* na nufin abokin ne zai fita. Haka *penser*: *je pense partir demain* niyya ce, ina da shirin tafiya gobe, amma *pense à fermer la porte* tuni ne, kada ka manta ka rufe ƙofa. *Venir* kuma fuska biyu yake nunawa kullum, *je viens manger*, na zo cin abinci, da *je viens de manger*, yanzun nan na ci. Baƙon da ya ruɗa waɗannan biyun a gidan mutane yana iya kwana da yunwa.

A ƙarshen wannan rukuni akwai *par*, wanda ke shiga bayan *commencer* da *finir* kawai idan ana maganar jerin ayyuka. *Il a fini de payer* ya gama biya ne. *Il a fini par payer* kuwa daga ƙarshe dai ya biya, bayan an yi ta bin sa.

Gwaji a kan sakin layi guda

Ga irin abin da ake bayarwa a jarrabawar cike gurbi, wani matashi yana ba da labarin shigarsa garejin gyaran babura:

*Mon père m'a conseillé (1) apprendre (2) réparer les motos. J'ai d'abord hésité (3) accepter, puis je me suis décidé (4) aller voir le patron du garage. Il m'a autorisé (5) venir le matin, mais il m'a interdit (6) toucher aux moteurs. J'espère (7) réussir (8) ouvrir mon atelier, et je le remercie (9) m'avoir aidé.*

A gurbi na 1 akwai mutum, amma ya ɓuya a cikin *m'*. Wannan tarko ne, domin *me, te, nous, vous* ba sa nuna ko an kama mutumin kai tsaye ko ta bayan *à*. Dabarar ita ce ka musanya shi da suna a zuci: *conseiller à Sani*. Mutum ya cinye *à*, don haka *de*, kuma da yake *apprendre* ya fara da wasali, sai ya zama *d'apprendre*. Gurbi na 2 ba *conseiller* ke mulkinsa ba, *apprendre* ne, domin kowane gurbi aikatau da ke dab da shi ta baya yake bi. Koyo dosa ne: *à réparer*. Na 3 ɗaya ne daga cikin biyun da suka saɓa wa ma'ana, *hésité à accepter*, kuma lura cewa *à* ba ya gajarcewa gaban wasali yadda *de* ke yi. A na 4 hannu zai so rubuta *d'aller* saboda sabo da *décider de*, amma ga *me* nan a *je me suis*, wato *se décider* ne, amsar *à aller*.

Na 5 da na 6 an ajiye su kusa da juna da gangan, dukkansu da *m'a*. Musanya da suna: *autoriser Sani*, kai tsaye, mai turawa gaba, *à venir*, *interdire à Sani*, don haka *de toucher*. Na 7 ba ya son komai. Na 8 cimma buri ne, *réussir à ouvrir*. Na 9 ya bayyana kansa sau biyu: *remercier* na masu waiwaye ne, kuma *avoir aidé* abu ne da ya wuce, *de m'avoir aidé*. Cikin gurabe tara, huɗu ginin jimla ne ya warware su, biyu ma'ana, ɗaya tsarin *se*, ɗaya jerin marasa komai, kuma *hésiter* kaɗai ya buƙaci hadda zalla.

Ƙananan abubuwan da ke cin maki

Ko an zaɓi kalmar daidai, akwai inda ake zubar da ita. An koya wa kowa cewa *de* da *le* sukan haɗe su zama *du*, *à* da *le* su zama *au*. Wannan gaban suna ne kawai. Idan *le* wakilin suna ne gaban aikatau, ba a haɗewa: *j'ai oublié de le faire*, *j'ai réussi à les voir*. Idan aikatau na biyu korarre ne, *ne pas* a haɗe suke zuwa bayan ƙaramar kalmar: *je te conseille de ne pas signer*. Idan kuma aikatau biyu ne suka biyo, a maimaita ta gaban kowanne: *il apprend à lire et à écrire*, *elle refuse de manger et de boire*.

Kada kuma a ɗauka abin da aikatau ke yi gaban aikatau shi yake yi gaban suna. Ana cewa *il commence à travailler* amma *il commence le travail*, *j'ai oublié de payer* amma *j'ai oublié la facture*. Wannan yana shafar *y* da *en*. Inda ƙaramar kalmar ta tsaya ko gaban suna, ana iya maye gurbin: *je renonce à partir* ya zama *j'y renonce*, *j'ai besoin de dormir* ya zama *j'en ai besoin*. Inda take ɓacewa gaban suna, ba a yi: *j'ai décidé de partir* yakan koma *je l'ai décidé*, ba *j'en ai décidé* ba.

Sai alamar da ke kan *à*. Idan babu ita, kalmar ta zama *a* ta *avoir*, kuma a shifta kuskure ne cikakke. Gwajin da malamai ke koyarwa shi ne a gwada sa *avait* a wurin: idan jimla ta tsaya, *a* ne, idan ta rushe, *à* ne. A waya, danna harafin a ka riƙe, zaɓuɓɓuka za su fito. A allon rubutu irin na Faransa, AZERTY, *à* yana kan maɓallin 0 na layin sama. A kwamfuta mai Windows da allon Ingilishi, riƙe Alt ka buga 0224 a maɓallan lambobi na gefen dama.

Game da yadda za a yi haddar kanta, kada a rubuta aikatau shi kaɗai a kati. A rubuta shi da wutsiyarsa da ɗan gajeren aiki, *réussir à dormir*, *éviter de tomber*, a kuma furta da ƙarfi, domin kunne ne zai riƙe shi, ba ido ba. Na masu mutum a tsakiya a rubuta su da wakilin suna na mutum na uku, *je lui permets de*, *je l'aide à*, kada a yi amfani da *me* ko *te* tunda suna ɓoye bambancin. Gida ɗaya a rana ya isa, aikatau 6 zuwa 8, kuma kada a haɗa gidan *à* da na *de* a zama guda a makon farko, domin abin da aka koya tare yakan cakuɗe tare. Tagwayen nan masu fuska biyu su ne kawai ake koyo a haɗe, tunda bambancinsu shi ne darasin. A mako na biyu sai a cakuɗa katunan duka, a riƙa jawo ɗaya ana gina jimla a kan abin da ke gaban ido, wanda aka kuskure a mayar da shi saman tulin domin ya sake fitowa gobe. Duk sabon aikatau da ka duba a ƙamus irin su *Le Robert* ko *Larousse*, ka gangara zuwa misalan da ke ƙarƙashin ma'anar, inda za ka ga *qqn* a madadin mutum, *qqch.* a madadin abu, da *inf.* a madadin aikatau na biyu, ka kwafe ginin gaba ɗaya tare da kalmar.